Daƙiƙar da Kwayil ɗin Mota Ke Cika Cikinsa

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Mutum zai iya dafa kawunansa biyu da busassun hannuwa bai ji komai ba. Amma duk yaron gareji da ya taɓa riƙe wayar fulogi injin yana aiki ya san wani labarin daban, don fizgar da ya sha ba ta mantuwa. Tartsatsin da ke tsallake bakin fulogi ya kunna fetur a cikin silinda yana buƙatar bolt dubu goma ko fiye, wani lokaci har ya haura dubu ashirin. Tsakanin wancan batir mai sanyin hali da wannan tartsatsi babu wani abu sai 'yar gwangwani da ake kira kwayil, wadda ba ta da ko da abu ɗaya mai motsi a cikinta.

Idan aka tambayi masu gyara, da yawa za su ce kwayil yana ƙara wuta ne. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ta tsallake rabin farko na aikin, wanda kuma a nan ne yawancin matsalolin suke. Kafin kwayil ya ba da komai sai ya tara, kuma tarawar tana cin lokaci. Lokacin bai kai ƙiftawar ido ba, amma ana iya lissafa shi, kuma shi ne ke bayyana dalilin da tsohuwar mota za ta yi silo lafiya lau a gareji, ta hau titi ta fara shaƙewa da an taka totur.

Zan ɗauki tsohon tsarin kunna wuta mai kwantak, irin wanda ke cikin tsofaffin Fijo 504 da masana'antar Kaduna ta daɗe tana haɗawa, domin a cikinsa ana ganin komai da ido. Injiniya Charles Kettering na garin Dayton a Amurka ne ya tsara shi, motocin Kadilak suka fara amfani da shi a 1910, ya kuma yi shekaru sama da sittin yana mulkin injinan fetur a duniya.

Abin da ke cikin gwangwanin

In aka fasa kwayil za a tarar da sandar baƙin ƙarfe a tsakiya, an naɗe ta da wayar jan ƙarfe kashi biyu. Naɗi na farko waya ce mai ɗan kauri, zagaye ɗari biyu zuwa uku. Na biyu siririya ce kamar gashi, zagaye wajen dubu ashirin. A yanzu mu ajiye na biyun gefe. Na farkon shi ne abin da masana lantarki ke kira indakta, wato naɗaɗɗiyar waya kawai. Kansa ɗaya yana zuwa batir ta hanyar makullin mota, ɗayan kuma yana zuwa kwantak da ke cikin distiributa, daga nan ya sauka jikin mota ya koma batir. Kwantak ɗin makunni ne da injin ke rufewa yana buɗewa da kansa. Da'irar ke nan gaba ɗaya: batir, naɗaɗɗiyar waya, makunni. Lantarkin batir kuwa gefe guda yake tafiya, ba ya kai-komo irin na gidan wuta.

Kalmomi uku za su ishe mu. Bolt shi ne ƙarfin turin da batir ke yi. Amfiya ita ce yawan lantarkin da ke kwarara a waya. Om kuma ma'aunin turjiyar wayar ne, wato yadda take takura wa kwararar. Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta ce a raba bolt da om a sami amfiya. Naɗin farko na kwayil irin wannan turjiyarsa kan kai om 3, don haka batir mai bolt 12 zai tura amfiya 4.

Da wayar a miƙe take, da an rufe kwantak amfiya huɗun nan za su bayyana kusan nan take. Amma a naɗe take a kan ƙarfe, kuma naɗin ya sauya halinta. Tun 1820 Hans Christian Oersted ya gano cewa duk wayar da lantarki ke bi tana kewaye kanta da filin maganaɗisu. In aka naɗe ta, filin kowane zagaye ya haɗu da na 'yan'uwansa, ƙarfen tsakiya kuma ya ninka shi. A 1831 Michael Faraday ya nuna ɗaya fuskar al'amarin: filin maganaɗisun da ke sauyawa yana haifar da turin lantarki a duk wayar da ya ratsa. To, filin da naɗin ke ginawa ai kansa yake fara ratsawa. Saboda haka muddin kwararar tana ƙaruwa, filin yana girma, naɗin kuma yana haifar da wani turi a cikin kansa. Joseph Henry na Amurka ya bayyana wannan a 1832, shi ya sa ma'aunin abin ke ɗauke da sunansa, henri. Heinrich Lenz kuma a 1834 ya faɗi inda turin ke fuskanta: kullum yana adawa ne da sauyin da ya haife shi.

A lura da kalmar sauyi. Indakta ba ya gaba da kwararar lantarki, da sauyawarta yake gaba. In tana son ƙaruwa ya ja ta baya, in tana son raguwa ya tura ta gaba, in ta tsaya a wuri ɗaya ya naɗe hannu.

Misalin da ya fi zauna mini shi ne kurar mai ruwa cike da jarkoki. Daga tsaye, komai ƙarfin mai turawa ba za ta zabura da gudu ba, sai ta fara a hankali tana ƙara sauri. Da ta kama tafiya, nauyinta ya daina damunsa, abin da ya rage masa shi ne yashin hanya da tsatsar ƙafafu. Amma ya gwada tsayar da ita lokaci guda a gangare, a nan zai san jarkokin a cike suke. Saurin kurar shi ne amfiya, ƙarfin mai turawa shi ne bolt, yashin hanya shi ne om, nauyin jarkokin kuma shi ne henri.

Yadda kwararar ke hawa

Mu ba kwayil ɗinmu adadi. Turjiyarsa om 3, indaktans ɗinsa henri 0.009, wato milihenri 9, wanda yake cikin abin da aka saba gani a irin waɗannan kwayil. Batir bolt 12. Injin da ke aiki yakan ɗaga shi zuwa wajen 14 saboda caji, amma mu bar shi a 12 don sauƙin lissafi. Lokaci kuma za mu auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

A daidai lokacin da kwantak ya rufe, kwararar sifiri ce. Tunda babu kwarara, turjiyar wayar ba ta cin komai, duk bolt 12 ɗin suna kan aikin gina filin maganaɗisu. Saurin hawan a wannan lokaci shi ne bolt a raba da henri, 12 a raba da 0.009, wanda ya ba da amfiya ɗaya da sulusi a kowane milisakan. Da za a ci gaba da wannan saurin, cikin milisakan 3 an kai amfiya 4.

Ba a ci gaba da shi. Da kwararar ta kai amfiya 2, turjiyar om 3 ta riga ta cinye bolt 6, saura 6 kacal na ƙara hawa, sai saurin ya koma rabi. Da ta kai amfiya 3, turjiya ta ɗauke bolt 9, saura 3, saurin ya koma rubu'in na farko. Duk matakin da aka hau yana rage ƙarfin da za a hau na gaba da shi. Shi ya sa in aka zana hoton kwararar a takarda za a ga layi ya tashi tsaye-tsaye da farko, sannan ya fara kwantawa, yana matsowa kusa da amfiya 4 a hankali kamar mai jin kunyar isa.

Milisakan ukun nan da muka samu ba su tashi a banza ba. Su ne ma'aunin lokacin wannan da'ira, ana rubuta shi da harafin Girkanci τ, ana kiransa tau, ana kuma samunsa ta raba indaktans da turjiya:

τ = L / R

A nan 0.009 a raba da 3 ya ba da daƙiƙa 0.003. Cikakkiyar dokar hawan kuwa, ga ɗalibin da zai gamu da ita a jarrabawa, ita ce:

i = (V / R)(1 − e^(−t/τ))

Wanda ba ya son haruffa zai iya riƙe ma'anarta a jimla ɗaya: a kowane tau guda, kwararar tana cike kashi 63 cikin ɗari na ratar da ta rage mata. Bayan milisakan 3 kwayil ɗinmu yana ɗauke da amfiya 2.5. Bayan 6 ya kai kusan 3.5, bayan 9 ya kai 3.8. A lissafi tsantsa ba zai taɓa cika 4 cif ba, amma bayan tau biyar, milisakan 15, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, masu aiki kuma a nan suke cewa ya cika.

Abin da aka tara

Duk tsawon lokacin hawan nan batir yana aiki biyu. Wani ɓangare na ƙarfinsa yana zama zafi a cikin waya, wannan ya tafi ke nan. Ɗaya ɓangaren yana tafiya wajen danne turin adawar da naɗin ke yi, kuma wannan bai ɓata ba, yana nan ajiye a cikin filin maganaɗisun, a ƙarfen tsakiya da sararin da ke kewaye da shi. Ajiyar tana nan muddin kwararar tana gudana, kamar yadda ƙarfin kurar ke cikin tafiyarta. Yawanta shi ne:

E = ½ L I²

Rabin nan da ke gaba yana da dalili. Kwararar ba ta fara da cikakken adadinta ba, daga sifiri ta taso, don haka in aka bi aikin ginin filin mataki-mataki, matsakaiciyar kwararar da aka yi shi da ita rabin ta ƙarshe ce. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙaramin 2 da ke saman I, wanda ke nufin a ninka amfiya da kanta. Kwayil ɗinmu in ya cika da amfiya 4, ajiyarsa rabin 0.009 sau 16 ce, wato jul 0.072, ko milijul 72. Kaɗan ce ƙwarai. Ba ta fi abin da za a kashe wajen ɗaga ƙwan kaza ɗaya sama da tsawon yatsa da ɗan ɗori ba. Ƙarfinta yana cikin yadda ake sakinta gaba ɗaya a wuri ɗan ƙanƙani.

Yanzu a duba abin da ninkin nan ke yi. A ƙarshen tau na farko kwararar ta kai kashi 63 cikin ɗari, mutum zai zaci ajiyar ma ta wuce rabi. Ba ta wuce ba. Kashi 63 in aka ninka shi da kansa kashi 40 yake bayarwa, milijul 29 kacal. Rabin kwarara rubu'in ajiya ne. Kwayil ɗin da aka katse wa lokaci yana asarar tartsatsi fiye da yadda adadin amfiya ke nunawa.

Sakin ajiyar yana zuwa ne lokacin da kwantak ya buɗe. Hanyar ta yanke, amma indakta ba ya yarda kwararsa ta tsaya farat ɗaya, sai ya haifar da turi mai yawan da zai iya don ya ci gaba da tura ta. Girman turin shi ne indaktans sau saurin sauyin kwarara. In amfiya 4 suka faɗi zuwa sifiri cikin kashi ɗaya bisa goma na milisakan, lissafin ya ba da bolt 360 a kan naɗin da batir mai bolt 12 ya ciyar. Filin da ke rushewa yana ratsa naɗi na biyu shi ma, wanda zagayensa ya ninka na farko kamar sau ɗari, sai turin can ya tashi zuwa dubbai har iskar da ke bakin fulogi ta kasa riƙewa, tartsatsi ya tsallaka. Abin lura shi ne fulogi yana ba da wuta ne lokacin da aka yanke wa kwayil lantarki. Lokacin da aka ba shi, cika ciki kawai yake yi.

Akwai wata 'yar ƙaramar gwangwani a jikin distiributa, kwandensa, wadda masu gyara kan raina. A farkon buɗewar kwantak ratar da ke tsakanin bakunansa ba ta kai kaurin gashi ba, kuma bolt ɗari uku za su tsallake ta cikin sauƙi. In hakan ta faru, kwararar ba ta yanke da sauri ba, ta ci gaba ta cikin tartsatsin kwantak, ajiyar ta ƙone a can maimakon a fulogi. Kwandensa tana karɓar kwararar na ɗan lokaci har bakunan su yi nisa da juna. Alamar ta mutu ita ce kwantak mai ƙonewa da wuri, bakinsa ya yi baƙi ko ya rarake, wutar fulogi kuma ta yi rauni. Wanda ya sauya kwantak sau uku a wata ɗaya bai taɓa kwandensa ba yana maganin alama ne.

Injin ba ya jira

Injin mai silinda huɗu yana buƙatar tartsatsi biyu a kowane juyi. A tsakanin tartsatsi da tartsatsi kwantak yana rufe na wajen kashi 60 cikin ɗari na lokacin, in an saita shi daidai. Wannan shi ne duk lokacin da kwayil ke da shi na cika ciki.

A juyi 1,000 a minti, kusa da silo, ana buƙatar tartsatsi 2,000 a minti, ɗaya a kowane milisakan 30. Kwantak yana rufe na milisakan 18, tau shida ke nan. Kwayil ya cika har ya zauna jira, fulogi ya sami milijul 72 ɗinsa.

A juyi 3,000, tafiyar babban titi, tazarar ta koma milisakan 10, rufewar kuma 6. Tau biyu ne, amfiya kusan 3.5, ajiya milijul 54. An rasa rubu'i, amma injin lafiyayye ba zai nuna ba.

A juyi 6,000 rufewar ta koma milisakan 3, tau ɗaya tak, ajiya milijul 29. Kwayil ɗin bai lalace ba, batir ma lafiyarsa ƙalau, lokaci ne ya gaza. Injin mai silinda shida ko takwas da ke dogara da kwayil ɗaya ya fi shiga wannan matsi, tunda tartsatsin da yake nema a kowane juyi ya fi yawa.

Tsarin an yi shi da rarar da za ta ɗauki wannan ragin. Matsala tana farawa ne idan wani abu ya cinye rarar, kuma abin da ya fi cinye ta shi ne ratar kwantak. Ratar da aka saba sawa a irin waɗannan motoci wajen milimita 0.4 ce, ana auna ta da siririn ma'aunin ƙarfe, ko da yake sau da yawa da ido ko da takardar kwalin sigari ake yi. In aka buɗe ta da yawa, kwantak yana saurin buɗewa yana jinkirin rufewa, sai lokacin rufewar ya ragu. A ce ya sauko daga kashi 60 zuwa 40. A silo kwayil yana da milisakan 12, tau huɗu, kusan cike yake, don haka a gareji babu wanda zai ga aibu. A juyi 3,000 ya koma milisakan 4, ajiya milijul 39 maimakon 54. A juyi 6,000 kuwa milijul 17 ne. Ƙara da tsofaffin fulogi masu faɗin baki, waɗanda ke neman turi mai yawa, da hawan tudu da kaya, inda matsin cikin silinda ke sa tartsatsi wahalar tsallakawa, sai mota ta fara cijewa. Mai ita ya koma gareji, a tayar da ita ta yi silo sumul, a ce masa, “Alhaji, ai motarka lafiya take, sai dai ko mai ne ba shi da kyau.” A wanke kafireto, a sauya matatar mai, matsalar tana nan. Duk lokacin da injin ke lafiya a ƙasa yana shaƙewa a sama, ya kamata a tuna da milisakan ɗin kwayil kafin a kwance kafireto. Matse ratar fiye da kima ma ba mafita ba ce, don bakunan ba za su rabu da kyau ba, kwantak ya riƙa ƙonewa.

Ninkin amfiya da kanta yana sake bayyana da safe wajen tayar da mota. Sitata tana jan lantarki mai yawan gaske, har batir ya sauko zuwa bolt 9 ko ƙasa in ya tsufa. Bolt 9 a kan om 3 amfiya 3 ne, ajiyar kuma milijul 40 da ɗan kai. Batir ya ragu da rubu'i, tartsatsi ya ragu da kusan rabi, a daidai lokacin da injin ke da sanyi. Wannan na cikin dalilan da mota mai raunin batir kan ƙi tashi da makulli amma ta tashi da turi: an cire sitata daga lissafi, batir ya koma kusa da 12.

Masu ƙera motoci sun magance wannan da dabara. A wasu motocin kwayil ɗin om ɗaya da rabi ne kawai, sai a jera masa wata turjiya ta om ɗaya da rabi a waje, galibi farar tangaran ce a gefensa, wani lokaci kuma tana ɓoye a cikin wayar kanta. A tafiya jimlar om 3 ce. A lokacin tayarwa kuwa wata waya daga sitata tana tsallake turjiyar wajen, sai raunanan bolt 9 su tura amfiya har 6. Haɗarin yana wajen sayen kayan gyara, domin kwayil ɗin nan biyu kamarsu ɗaya a ido. In aka ɗaura mai om ɗaya da rabi a motar da ba ta da turjiyar waje, kwararar za ta nufi amfiya 8, zafin da ke cikin gwangwanin ya ninka na asali sau biyu, kwantak ya ƙone, kwayil ya bi baya. In aka yi akasin haka, mai om 3 a bayan turjiyar waje, jimlar ta zama huɗu da rabi, kwararar ba za ta kai amfiya 3 ba, wuta ta yi rauni kullum. Mita mai auna om a kan ƙananan kawunan kwayil biyu tana raba gardamar cikin daƙiƙa biyar.

Sai dai mitar tana da iyaka. Om take aunawa, ba ta ganin henri. In rufin wayar ya ƙone a ciki har zagaye ɗaya ya haɗe da maƙwabcinsa, turjiyar kusan ba za ta sauya ba, tunda zagaye ɗaya cikin ɗaruruwa aka rasa. Amma wannan zagayen ya zama rufaffen zobe a cikin filin, duk lokacin da filin ya zo rushewa sai kwarara ta taso a zoben ta jinkirta rushewar, ta mayar da ajiyar zafi. Kwayil irin wannan zai ci jarrabawar mita ya faɗi ta titi, musamman in ya ɗau zafi.

Zafin da ba shi da amfani

Da kwayil ya cika, duk abin da batir ya ƙara turawa zafi ne zalla. Amfiya 4 a bolt 12 wat 48 ne, kamar ƙwan fitilar gaban mota a rufe cikin gwangwani. Filin ba ya ƙara ko milijul ɗaya komai daɗewar jiran. A silo, cikin milisakan 18 na kowace rufewa, batir yana ba da wajen milijul 720, abin da ke shiga ajiya 72 ne, kashi ɗaya cikin goma. Sauran tara ɗin ɗumama kwayil suke yi, shi ya sa ya fi zafi a cunkoson cikin gari fiye da kan babbar hanya. Mafi muni shi ne a bar makulli a kunne injin a kashe, ana sauraron rediyo. In injin ya tsaya a inda kwantak ke rufe, wat 48 ɗin nan suna zuba ba hutu, batir yana zuƙewa, kwayil yana dahuwa.

Motocin zamani sun fita daga wannan matsi ta hanyar da za ta ba mai karatu mamaki, tunda mun ce tau shi ne L a raba da R: sun rage turjiyar sosai, abin da ke ƙara tsawon tau. Dabarar ita ce ba sa jiran kwayil ya cika. A ɗauki kwayil mai rabin om da milihenri 3. Tau ɗinsa milisakan 6 ne, ninki biyu na tsohon, kuma in aka ƙyale shi zai nufi amfiya 24 ya ƙone. Amma saurin hawansa na farko, 12 a raba da 0.003, amfiya 4 ne a kowane milisakan, ninki uku na tsohon. Cikin milisakan 2 da 'yan kai ya kai amfiya 7, ajiyarsa ta kai milijul 73, daidai da abin da tsohon ke tarawa in an ba shi milisakan 15. A nan sai taransisto, wanda ya maye gurbin kwantak, ya yanke kwararar. Kwamfutar injin ce ke lissafa lokacin da za a kunna, tana ƙara shi in batir ya yi ƙasa, ta yadda kwayil zai kai adadin da ake so daidai lokacin da ake buƙatar tartsatsi. Ana amfani da sashen layin da ke tashi tsaye ne kawai, a bar sashen da ke kwantawa, inda zafi ya fi ajiya yawa. Akwai kuma wani dalilin tsayawa da wuri: ƙarfen tsakiya yana ƙoshi, in kwarara ta wuce wani adadi ba ya ƙara ɗaukar maganaɗisu yadda ya kamata, sai ƙarin amfiya ya zama kusan asara. A yawancin sababbin motoci ma kowane fulogi da nasa kwayil a kansa, don haka a juyi 6,000 kowannensu yana da milisakan 20 tsakanin tartsatsi da tartsatsi, ninki huɗu na abin da kwayil ɗaya tilo ke samu.

Kwayil mai rabin om ba shi da mai tsayar da shi sai na'urar da aka yi shi dominta. In aka ɗaura shi a tsohuwar Fijo mai kwantak, a silo zai sami milisakan 18 cur, tau uku, kwararar ta haura amfiya 20 ta cikin bakunan da aka yi don huɗu.